Yadda magungunan farfaɗiya ke gane ƙwayar jijiyar da ta wuce iyaka

Duk wanda ya sha ƙwayar maganin farfaɗiya, maganin yana shiga jini ne ya zaga ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, ya riski ɓangaren da ke da lafiya kamar yadda yake riskar ɓangaren da ciwon ke tasowa. Duk da haka mutumin yana tashi ya yi tafiya, ya yi magana, ya yi lissafi, alhali bugun farfaɗiyar ya ragu ko ya ɗauke. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, ta yaya sinadarin da ba shi da ido yake bambance wutar lantarkin ƙwaƙwalwa da ke ɗauke da tunani da wutar da ke ka da mutum ƙasa, tunda duka biyun ta kafa ɗaya suke bi? Amsar tana cikin yadda ƙofofin sodiyam ke buɗewa da rufewa, da kuma yadda ƙwaƙwalwa ke taka wa kanta birki. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu zai gane dalilin da ya sa maganin da ya kwantar wa wani da ciwo yake iya tsananta na wani.

Ƙwayar jijiya tana lulluɓe da tantani, kuma idan tana hutawa cikinta yana ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 70 na caji. A waje sodiyam, wani sinadarin gishiri mai ɗauke da caji, ya yi yawa, ya ninka na ciki kusan sau goma, don haka kullum yana neman hanyar kutsawa. Hanyar ita ce wasu ƙofofi na furotin da ke jikin tantanin, waɗanda ke jin canjin caji. Idan saƙonni daga maƙwabta suka ɗaga cajin cikin ƙwayar zuwa wajen milibolt 55 ƙasa da sifili, sai ƙofofin su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, cajin ya haura sama da sifili, wannan kuma ya buɗe ƙofofin da ke gaba, a haka saƙon ke gudu a kan jijiya. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka fayyace wannan a 1952, da gwaje-gwajen da suka yi a kan ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku.

Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne cewa ƙofar tana da hali uku. Akwai lokacin da take rufe amma a shirye, kamar ƙyauren da aka tura kawai ba a sa masa sakata ba. Akwai lokacin da take buɗe, wanda bai cika wuce kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Sai hali na uku, inda wani ɗan lanƙwasasshen ɓangare na furotin ɗin ke juyowa daga cikin ƙwayar ya toshe kafar, kamar an zura sakata. Ƙofar da ke cikin wannan hali ba ta buɗuwa komai ƙarfin saƙon da ya zo, har sai cajin ƙwayar ya koma ƙasa ya ɗan zauna, sannan sakatar ta zare. A ƙwayar da ke aikinta na yau da kullum, sakatar tana shiga ta fita cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma yawancin rayuwar ƙofar a halin farko take yin ta.

A lokacin bugun farfaɗiya lamarin yana sauyawa. Gungun ƙwayoyi suna ɗaga cajinsu su riƙe shi a sama na tsawon lokaci, suna harba saƙo a jere da sauri ƙwarai, kuma suna yin haka tare. Tunda cajin ba ya samun sauka ya huta, ƙofofin sodiyam na waɗannan ƙwayoyi suna shafe lokaci mai yawa da sakata a jiki. Nan ne fenitoyin da kabamazefin da lamotirijin suke samun abin kamawa. Waɗannan magunguna ba su cika manne wa ƙofar da ke rufe a shirye ba, amma suna manne wa wadda ke cikin halin sakata da ƙarfi sosai, kuma idan sun manne sai su jinkirta zarewar sakatar. Ga shi kuma mannewar tasu ba ta da sauri, musamman ta fenitoyin, wadda ke buƙatar ƙofar ta daɗe a wannan hali kafin ya kama ta. Saboda haka saƙo ɗaya ko biyu na aikin yau da kullum yana wucewa kafin maganin ya samu dama, amma ƙwayar da ta dage da harbi tana ba shi dama sau da yawa, kowane harbi yana ƙara yawan ƙofofin da aka kama, har a kai inda waɗanda suka rage ba su isa su tayar da wani saƙon ba.

Wannan, a ganina, shi ne abu mafi ban sha'awa a fannin nan baki ɗaya. Maganin bai san inda ciwon yake ba, bai kuma san wace ƙwaya ce mai laifi ba. Halin ƙwayar ne ke jawo mata shi, domin gwargwadon yadda ta matsa da harbi, gwargwadon yadda take miƙa masa ƙofofinta. Shi ya sa waɗannan magunguna suka fi tasiri wajen hana bugun da ya fara a wuri ɗaya yaɗuwa zuwa sauran ƙwaƙwalwa, kuma shi ya sa suka daɗe a sahun gaba wajen farfaɗiyar da ke tasowa daga ɓangare guda da kuma mai sandarewa da jijjiga. Kafin Houston Merritt da Tracy Putnam su nuna amfanin fenitoyin a 1938, ana ɗauka cewa ba a hana farfaɗiya sai an kashe wa mutum jiki da barci, domin abin da ake da shi a lokacin, wato buromayid da fenobabital, haka suke yi.

Sai dai wannan zaɓe da maganin ke yi yana da iyaka, kuma iyakar tana rataye ne da yawansa a jini. Akwai ƙwayoyi masu lafiya waɗanda aikinsu na asali ya ƙunshi harbi da sauri, musamman a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ta ƙeya, wadda ke daidaita tafiya da motsin ido. Idan maganin ya yi yawa su ne na farko da ke jin jiki. Da fenitoyin, ana son yawansa a jini ya tsaya tsakanin miligiram 10 zuwa 20 a kowace lita. Idan ya wuce 20, sai a ga ƙwayar ido tana rawa idan mutum ya kalli gefe. Idan ya wuce 30, sai tafiya ta koma tangal-tangal, harshe ya yi nauyi. Idan ya wuce 40, sai magagi da ruɗewa su shigo. Da kabamazefin kuwa, abin da majiyyaci ya fi fara kawo kuka a kai shi ne jiri da ganin abu ɗaya ya zama biyu, sau da yawa 'yan sa'o'i bayan shan ƙwaya.

Fenitoyin yana da wani tarko na musamman a nan, domin hanta tana da iyakar abin da za ta iya narkarwa a rana, kuma iyakar tana kusa da adadin da ake sha. A ɗauki mutum mai nauyin kilo 60, a ɗauka hantarsa ba ta iya kawar da fiye da miligiram 420 a rana, kuma tana kaiwa rabin ƙarfinta idan maganin ya kai miligiram 4 a lita, waɗanda adadi ne da ake yawan amfani da su a matsayin matsakaici ga manya. Yawan da zai zauna a jininsa shi ne a ninka abin da yake sha sau huɗu, a raba da tazarar da ta rage tsakanin abin da yake sha da 420. Idan yana shan 300 a rana, amsar 10 ce. Idan aka ƙara masa zuwa 350, amsar ta zama 20. Idan aka kai shi 400, lissafin yana nuna 80, wato guba ƙarara, kuma hawan zai ɗauki makonni yana tafiya a hankali, ta yadda ranar da mutumin ya fara layi a hanya ba lalle ne a tuna da ƙarin da aka yi masa ba. Don haka ake ƙara fenitoyin da kaɗan-kaɗan, miligiram 25 ko 50, idan an riga an kusa adadin da ake nema.

Hanya ta biyu ta sha bamban da wannan. Maimakon a rage wa ƙwayar ƙarfin harbi, sai a ƙara wa birkin ƙwaƙwalwa kamu. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin jijiyar saman ƙwaƙwalwa aikinsu shi ne hana maƙwabtansu wuce gona da iri, kuma sinadarin da suke aikawa da shi shi ne GABA. Daga gulutamet ake ƙera shi, wanda shi ne babban sinadarin zuga, kuma ƙerawar tana buƙatar bitamin B6. Wannan ne ya sa wanda ya sha maganin tarin fuka na aisoniyazid fiye da kima yake iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta jin maganin da aka saba, har sai an ɗura masa bitamin ɗin, domin birkin nasa ya rasa abin da ake yin sa da shi.

Idan GABA ya tsallaka ɗan ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, yana sauka ne a kan wani makarɓi da ake kira GABA-A, wanda shi ma ƙofa ne, an gina shi da ɓangarori biyar da suka kewaye kafa ɗaya. Abin da ke bi ta wannan kafa kulorayid ne, mai ɗauke da caji kishiyar na sodiyam. Shigarsa tana riƙe cajin ƙwayar a ƙasa, tana kuma sa saƙonnin zuga su zurare ba tare da sun kai ta ga harbi ba. Diyazefam da lorazefam da midazolam da kulobazam duk suna manne wa wannan makarɓi a wani gurbi nasu na daban, ba wurin da GABA ke zama ba, kuma abin da suke yi shi ne ƙara yawan buɗewar ƙofar idan GABA ya zo. Idan babu GABA ba su iya buɗe ta. Fenobabital, wanda Alfred Hauptmann ya gano amfaninsa ga masu farfaɗiya a 1912, shi kuma tsawaita lokacin da ƙofar ke zama a buɗe yake yi, kuma idan ya yi yawa yana buɗe ta da kansa ko da GABA ko babu.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin a kansa rai ke iya rataya. Tasirin diyazefam da 'yan'uwansa yana da rufi, tunda ba zai wuce abin da GABA na jikin mutum ya ba shi dama ba, shi kuwa fenobabital ba shi da wannan rufi, don haka yawansa ke iya danne cibiyar numfashi har ta tsaya. Amma rufin na diyazefam yana rushewa idan aka haɗa shi da barasa ko fenobabital ko magungunan kashe zafi dangin mofin. Haka kuma ƙwaƙwalwar da aka daɗe ana taka mata birki daga waje tana sake tsara makarɓanta don ta rage jin maganin, shi ya sa tasirinsa ke dusashewa da daɗewa, shi ya sa kuma yanke fenobabital ko diyazefam rana ɗaya yake iya jawo bugun da ya fi na farko muni.

Akwai masu ƙara yawan GABA ɗin kansa. Bigabatirin yana kashe sinadarin da ke rusa shi, kashewar da ba ta warwarewa sai jiki ya ƙera sabo, kuma babban haɗarinsa shi ne ƙuntata gefen gani, wanda ba ya dawowa. Tiyagabin yana toshe hanyar da ake kwashe shi daga ratar. Balfurowet, wanda aka gano ƙarfinsa a Faransa a farkon shekarun 1960 bayan an daɗe ana amfani da shi wajen narkar da wasu sinadarai kawai, yana taɓa hanyoyi da dama, har da ƙara GABA da rage harbi mai sauri, kuma faɗin aikinsa ya sa yake amfani ga nau'o'in farfaɗiya da yawa, duk da cewa haɗarinsa ga ɗan tayi babba ne. Gabafentin kuwa, duk da sunansa, ba ya sauka a kan makarɓin GABA, wani ɓangare na ƙofar kalsiyam yake kamawa.

Wurin da hanyoyin biyu suka fi haɗuwa a aikace shi ne bugun da ya ƙi tsayawa. Yawancin bugun sandarewa da jijjiga yana ƙarewa da kansa cikin minti biyu ko uku, kuma idan ya kai minti biyar ana ɗaukarsa lamarin gaggawa. A sake ɗaukar mutumin nan mai kilo 60, an kawo shi asibiti jiki na karkarwa, haƙora a datse, leɓe ya fara duhu. Bayan an kwantar da shi ta gefe, an kula da numfashinsa, an duba sukarin jininsa, abin da ake fara ba shi na ɓangaren GABA ne, misali lorazefam miligiram 4 ta jijiyar jini, ko midazolam miligiram 10 a tsoka idan ba a samu jijiya ba. Dalili shi ne suna isa ƙwaƙwalwa cikin mintoci. Amma gaggawar tana da wani dalili da ya fi wannan zurfi. Yayin da bugun ke tsawaita, ƙwayoyin jijiya suna janye makarɓan GABA-A daga saman tantaninsu zuwa ciki, makarɓan gulutamet kuma suna ƙaruwa a waje. Kowane minti da ya wuce, gurbin da maganin zai kama yana raguwa, don haka allurar da za ta yi aiki a minti na biyar tana iya kasawa bayan rabin sa'a. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ba da ƙasa da adadin da ya dace saboda tsoron numfashi, alhali bugun da ke ci gaba shi ma yana danne numfashin.

Idan an maimaita allurar sau ɗaya bugun bai tsaya ba, ci gaba da zuba irinta ba shi da amfani sosai, sai a koma wata hanya. Idan fenitoyin aka zaɓa, ana ba da miligiram 20 ga kowane kilo, wato 1,200 ga wannan mutum, kuma ba a wuce miligiram 50 a minti, ke nan ɗurin ba zai gaza minti 24 ba. Ba don tsananin taka-tsantsan kawai aka sa wannan iyaka ba. Zuciya ma tana da nata ƙofofin sodiyam, 'yan'uwan na ƙwaƙwalwa, kuma ɗuri da sauri yana iya rage bugunta, ya rikita tsarinta, ya sauke ƙarfin jini, don haka ake sa ido a kan na'urar zuciya har a gama. Balfurowet ko lebetirasitam suna iya zama a madadinsa a wannan mataki.

Saura batun da ya fi nuna cewa sanin yadda magani ke aiki ba ado ba ne ga likita. Mun ce fenitoyin da kabamazefin suna bin ƙwayar da ke harbi da sauri ne, ba tare da sun san ko wace ce ba. To, daga cikin ƙwayoyin da suka fi kowa saurin harbi a ƙwaƙwalwa akwai masu taka birkin nan, masu fitar da GABA, kuma su ma da ƙofofin sodiyam suke harbawa. Sun dogara ƙwarai da wani nau'in ƙofa da ake kira Nav1.1, wanda ƙwayar gado mai suna SCN1A ke ɗauke da tsarinsa. A ciwon da Charlotte Dravet ta bayyana a 1978, wanda yanzu ke ɗauke da sunanta, yawancin yaran suna da lahani a kwafi ɗaya na wannan ƙwayar gado, don haka kusan rabin ƙofofin ba sa aiki. Da farko mutum zai zaci ƙarancin ƙofofin sodiyam zai rage farfaɗiya ne, amma da yake masu birki ne suka fi yin asarar, abin da ke faruwa shi ne masu zuga su rasa mai tsawata musu.

A ɗauki jariri ɗan wata shida, mai lafiya har zuwa lokacin, wanda zazzaɓi ya kama sai gefe ɗaya na jikinsa ya shiga jijjiga na tsawon minti ashirin. Bayan wata biyu abin ya sake faruwa, amma a ɗaya gefen, wani karon ma wanka da ruwan ɗumi ne ya tayar da shi. Da yake bugun na gefe ɗaya ne, yana kama da farfaɗiyar da ke tasowa daga wuri guda, kuma hannu yana saurin kaiwa ga kabamazefin. Cikin 'yan makonni sai uwar ta dawo tana cewa bugun ya ƙaru, ga kuma wata zabura ta kafaɗu da hannuwa da ba ta taɓa gani ba. Abin da ya faru shi ne an danne ragowar ƙofofin da masu birkin ke lallaɓawa da su. Babban haɗari a wannan gaɓa shi ne a ɗauka maganin ne bai isa ba a ƙara shi. Alamun da ya kamata su tsayar da likita su ne farawa a shekarar farko, daɗewar bugun, sauya gefe, tashi da zafin jiki, da tsanantar ciwon bayan fara maganin. Abin da ake yi shi ne a janye kabamazefin ɗin a hankali ƙarƙashin kulawa, a guji lamotirijin da fenitoyin a matsayin maganin yau da kullum, a nemi gwajin ƙwayar gado, a koma ga balfurowet da kulobazam, sau da yawa tare da istirifentol, wanda ke ƙarfafa makarɓin GABA-A kuma yake rage saurin da hanta ke kawar da kulobazam.

Ƙara birki ma ba kullum yake zama mafita ba. A farfaɗiyar ɗaukewar hankali, inda yaro ke tsayawa cak na kimanin sakan goma, ido a kafe, sannan ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba komai, matsalar wani kai-komo ne tsakanin saman ƙwaƙwalwa da wani ɓangare na can cikinta da ake kira talamos, kai-komon da ke bayyana a na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa sau uku a kowane sakan. A wannan kai-komo, dannewar da GABA ke yi wa ƙwayoyin talamos ita ce ke ɗana wasu ƙofofin kalsiyam, waɗanda ke buɗewa da ƙarfi da zarar dannewar ta saki. Don haka bigabatirin da tiyagabin suna iya tsananta shi, kabamazefin da fenitoyin ma haka. Itosukzimayid, wanda ke rage aikin waɗannan ƙofofin kalsiyam, shi ne ke yanke kai-komon, balfurowet ma yana yi, kuma shi ake fifitawa idan yaron yana da bugun sandarewa da jijjiga tare da ɗaukewar hankalin, domin itosukzimayid ba ya kare shi daga wannan.